Ƙaurar da Kwamfuta Baƙuwa Daga Wani Masauki Zuwa Wani

Wanda duk aka ɗora wa amanar kula da sabar wata makaranta ko wani ofis, ko ba daɗe ko ba jima, wata rana sai ta zo masa da zai wajaba ya ɗauke kwamfutar da mutane ke aiki da ita daga kan ƙarfen da take zaune ya mayar da ita kan wani, ko don tsohon ya gaji, ko don an sayo sabo, ko kuwa don ana so a kashe shi a yi masa gyara. Kwamfutar da muke nufi a nan ba ta da jiki nata na kanta, tana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta wadda ke ba ta aron firosesa da ram da faifai, saboda haka ake kiran babbar masauki, ita kuwa ƙaramar a kira ta baƙuwa. Hanyoyin ƙaurar da ita biyu ne mashahurai, fitarwa da shigarwa a gefe guda, da ƙaura a raye a ɗaya gefen, kuma ko da yake ƙarshensu ɗaya ne ga ido, wato baƙuwa ta bar nan ta koma can, hukuncinsu ya saɓa ƙwarai, sharuɗɗansu ma haka. Za mu bi mas'alar a kan Hyper-V na Windows Server, domin gara a san manhaja ɗaya sani na haƙiƙa da a taɓa uku sama-sama.

Abin da ya kamata a fara tabbatarwa a zuci shi ne mene ne baƙuwa a wurin masaukinta. Idan tana kashe, ba kome ba ce face 'yan fayiloli: akwai fayil mai ƙarshen `.vmcx` wanda ke ɗauke da siffarta, wato yawan ram da aka yanka mata da adadin firosesa da katin sadarwarta da inda faifanta yake, akwai kuma faifan kansa, fayil mai ƙarshen `.vhdx`, wanda a cikinsa ne tsarin aikinta da dukkan bayanan mutane suke. Idan kuwa tana kunne, to, akwai abu na uku wanda ba ya cikin kowane fayil, shi ne abin da ke cikin ram a wannan lokaci, da halin da firosesa ke ciki, da zancen da ke gudana tsakaninta da masu amfani da ita ta waya. Fitarwa da shigarwa suna ɗaukar na farko da na biyu. Ƙaura a raye tana ɗaukar duka ukun, kuma daga wannan abu na uku ne dukkan wahalarta da dukkan falalarta suka taso.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai baƙuwa mai suna `Rajista` wadda ke riƙe da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawarsu, an ba ta ram gigabait 8, faifanta ya kai gigabait 120, tana zaune a kan `MASAUKI1`, ana so a mayar da ita kan `MASAUKI2`.

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a duba lambar siffar baƙuwar, a kuma duba irin lambobin da sabon masauki ke karɓa:

```
Get-VM -Name Rajista | Format-Table Name, State, Version
Get-VMHostSupportedVersion
```

Na farko a tsohon masauki ake buga shi, na biyu a sabo. Dalili kuwa shi ne kowane zamani na Windows Server yana da lambarsa, na 2012 R2 yana ba da 5.0, na 2016 yana ba da 8.0, na 2019 yana ba da 9.0, na 2022 kuma 10.0, kuma ƙa'ida ita ce masauki ba ya karɓar baƙuwar da lambarta ta fi tasa. Wanda ya ƙirƙiri baƙuwa a kan na 2022 ya nufi na 2016 da ita, zai kwashe sa'a guda yana kwafe fayiloli sa'an nan a ce masa ba za a shigar ba, alhali umarni biyun nan da sun faɗa masa tun da fari. Haka kuma kada a yi gaggawar buga `Update-VMVersion` da zarar an isa sabon masauki, domin ɗaga lamba ba a warware shi, kuma muddin an ɗaga ta, hanyar komawa tsohon masauki ta toshe ke nan.

Bayan wannan sai a dubi alamomin tsayawa, waɗanda allo ke kira `Checkpoints`. Duk lokacin da aka ɗauki ɗaya, Hyper-V yana daina rubutu a cikin `.vhdx` na asali, ya buɗe wani fayil mai ƙarshen `.avhdx` ya riƙa zuba sabon rubutu a ciki. A nan ne masu kwafe fayil da hannu suke halaka, domin mutum yakan ga babban `.vhdx` ya ɗauka shi ne kome, ya kwafe shi ya tafi, ya kunna a can, sai ya tarar da rajista kamar yadda take watanni shida da suka wuce, sakamakon zango guda ya ɓace, alhali yana nan kwance cikin ƙaramin fayil ɗin da aka bari a baya. Umarnin fitarwa ba ya wannan kuskure, yana kwashe silsilar duka. Duk da haka abin da na fi so shi ne a goge alamomin da ba a bukata tun kafin tafiya, a jira har haɗewar fayiloli ta kammala, domin kaya ya yi sauƙi. A kuma cire duk wani faifan `.iso` da aka manta a maƙale a jikin baƙuwar, saboda hanyarsa tana nuni ne ga wani wuri a tsohon masauki wanda babu shi a sabo.

Sa'an nan a kashe ta, kashewa ta ladabi, a fitar:

```
Stop-VM -Name Rajista
Export-VM -Name Rajista -Path E:\Kaya
```

`Stop-VM` haka kawai yana roƙon tsarin aikin da ke ciki ya rufe fayilolinsa ya sauka da kansa. Idan aka ƙara masa `-TurnOff` kuwa, daidai yake da zare waya daga bango, kuma ba a yi wa rumbun bayanai haka sai bisa larura. Gaskiya ne tun daga Windows Server 2012 R2 ya halatta a fitar da baƙuwa tana kunne, kuma wannan yana da amfani ga wanda ke son kwafi don gwaji. Amma ga mai nufin ƙaura akwai illa a ciki wadda ba ta bayyana sai daga baya, domin kwafin yana tsayawa ne a kan daƙiƙar da aka fara fitarwa, ita kuwa ta asali tana ci gaba da karɓar aiki, don haka duk sunan ɗalibin da aka shigar bayan wannan daƙiƙa yana tsohon masauki kaɗai, kuma ranar da aka kashe tsohon, sunan ya tafi tare da shi ba tare da wani saƙon kuskure ya faɗakar da kowa ba. Saboda haka hukuncin da nake bayarwa ba tare da shakka ba shi ne, in ƙaura ake nufi, a sanar da mutane lokaci, a kashe, sa'an nan a fitar.

Idan aikin ya ƙare za a sami folda `E:\Kaya\Rajista`, a cikinta akwai `Virtual Machines` mai ɗauke da siffa, da `Virtual Hard Disks` mai ɗauke da faifai, da `Snapshots`. Faifan waje da za a ɗora kayan a kai ya zama na tsarin NTFS ko exFAT, domin FAT32 ba ya riƙe fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Mustahabbi ne kuma, kusa da wajibi in bayanan masu daraja ne, a buga `Get-FileHash` a kan faifan baƙuwar a nan, a sake bugawa a can bayan an kwafe, a gwada lambobin biyu harafi da harafi, domin faifan waje da kebul mai rauni sukan ɓata abu a ɓoye, ɓarnar kuma ba za ta fito ba sai ranar da aka nemi wannan ɓangare na faifan. Game da lokaci, in faifan waje yana rubuta megabait 100 a daƙiƙa, gigabait 120 zai ci minti 20 wajen fita, ya ci kamar haka wajen shiga, in aka haɗa da tantancewa da gyare-gyare sai a yi wa mutane alkawarin sa'a biyu, kada a ce musu rabin sa'a.

A sabon masauki shigarwa iri uku ce, kuma zaɓi a tsakaninsu ba abin wasa ba ne. Na farko shi ne a yi wa baƙuwa rajista a inda fayilolinta suke, ba tare da an kwafe kome ba. Wannan ya fi sauri, amma wanda ya yi shi alhali fayilolin suna kan faifan waje, ya sani cewa baƙuwarsa a kan faifan wajen take gudana, ranar da wani ya zare shi kuwa sai ta faɗi. Na biyu shi ne a kwafe fayilolin zuwa mazauninsu na dindindin a bar mata lambar shaidarta ta asali, kuma shi ne ya dace da ƙaura, tun da ita ɗin ce dai ta sauya wuri, ga shi kuma kayan da aka fitar suna nan ba a taɓa su ba in an bukaci sakewa. Na uku shi ne a kwafe a kuma ba ta sabuwar lambar shaida da `-GenerateNewId`, wanda ake yi idan ana son tagwaye, alal misali a shigar da kwafi a masaukin da ta asali ke zaune, domin masauki ɗaya ba ya karɓar baƙi biyu masu lamba ɗaya.

Mai hankali ba ya fara da shigarwa, yana fara da tambaya:

```
$r = Compare-VM -Path 'E:\Kaya\Rajista\Virtual Machines\<ID>.vmcx' -Copy `
     -VirtualMachinePath D:\VM -VhdDestinationPath D:\VM\Rajista
$r.Incompatibilities | Format-Table MessageId, Message
```

A wurin `<ID>` sai a sa dogon sunan fayil ɗin kamar yadda yake a cikin folda. Abin da zai fito shi ne jerin abubuwan da siffar baƙuwa ke nema waɗanda sabon masauki ba shi da su, kuma wanda aka fi gani shi ne saƙo mai lamba 33012 da ke cewa `Could not find Ethernet switch`. Ma'anarsa ita ce katin sadarwar baƙuwa an ɗaura shi a kan wata mahaɗar sadarwa ta cikin tsohon masauki mai suna kaza, ita kuwa mahaɗar ba ta cikin kayan da aka fitar, domin mallakar masauki ce. In a tsohon an kira ta `Waje` a sabon kuma `LAN`, sai a gyara a cikin rahoton kansa a shigar da shi:

```
$r.Incompatibilities[0].Source | Connect-VMNetworkAdapter -SwitchName LAN
Import-VM -CompatibilityReport $r
```

Wannan yana aiki ne idan saƙon mahaɗar shi ne na farko a jerin. In na biyu ne sai a sa 1 a maimakon 0. Wanda ya ba mahaɗan masaukansa suna iri ɗaya tun ranar da ya kafa su, ya hutar da kansa daga wannan har abada, kuma ƙaura a raye ma tana son haka.

Akwai abubuwa biyu da suke zama a masauki waɗanda fitarwa ba ta ɗauka, kuma rahoton ba lalle ne ya tsayar da mutum a kansu ba. Ɗaya shi ne lambar katin sadarwa. In ba a kafe ta ba, Hyper-V yana ba da ita ne daga taskar kowane masauki, lambobi masu farawa da `00-15-5D`, don haka tana iya sauyawa bayan ƙaura. Sai ka ga baƙuwa ta tashi lafiya amma ba wanda ke iya kai wa gare ta, saboda na'urar raba adireshi ta san ta ne da tsohuwar lamba, ko kuwa Linux ɗin da ke ciki ya ɗaure saitinsa a kan tsohuwar lambar. Maganinsa a kafe lambar tun kafin fitarwa, da `Set-VMNetworkAdapter` da `-StaticMacAddress`, tana kashe. Na biyun ya fi tsanani, shi ne baƙuwar da aka kunna wa TPM, kamar mai ɗauke da Windows 11 ko wadda aka kulle faifanta da BitLocker. Mabuɗin wannan TPM an kare shi da takardun shaida biyu da ke ajiye a tsohon masauki, a ma'ajiyar da ake kira `Shielded VM Local Certificates`, kuma in ba a fitar da su tare da mabuɗansu na sirri an shigar a sabon masauki ba, baƙuwar za ta shiga amma ta ƙi tashi. Idan kuwa an riga an goge tsohon masauki, ba abin da ya rage sai a ba ta sabon TPM a buɗe faifan da mabuɗin ceto na BitLocker, in an adana shi.

Daga nan sai mas'alar da ta fi kowace haɗari a wannan hanya, ita ce fitarwa ba ta cire ta asali. Bayan an gama, `Rajista` biyu ne a duniya, masu suna ɗaya da adireshi ɗaya, kuma tsohuwar tana nan tana jiran a kunna ta. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa wannan ba zato ba ne kawai, domin tsohon masauki in ya mutu ya sake tashi yana iya tayar da baƙinsa gwargwadon saitin da aka yi musu, sai a wayi gari rabin malamai suna rubuta maki a wannan, rabi a waccan, haɗa su kuma daga baya aiki ne mai cin rai. Saboda haka da zarar an fitar, a tsohon masauki a buga `Set-VM -Name Rajista -AutomaticStartAction Nothing`, a cire katin sadarwarta daga mahaɗa, a bar ta kashe mako ɗaya ko biyu a matsayin ihtiyaɗi, in an natsu da sabuwar sa'an nan a goge ta.

To, ƙaura a raye fa, ta yaya ta bambanta? Kamfanin VMware ne ya fara fito da ita kasuwa a 2003 da sunan VMotion, Microsoft kuma ya kawo ta cikin Windows Server 2008 R2, inda sharaɗinta a lokacin shi ne masaukan biyu su yi tarayya a kan ma'ajiyar faifai ɗaya. Sai a Windows Server 2012 aka sauke wannan sharaɗi, ya zama ana iya tura faifan ma ta waya. Manufarta ita ce baƙuwa ta sauya masauki alhali tana aiki, mai shigar da maki bai san an yi ba. Wahalar kuwa a fili take, domin ram ba ya tsayawa a kwafe shi, ana kwafewa ana sake rubutu a ciki.

Misalinsa kamar magatakarda ne da aka ce ya kwafe littafin ajiyar wani ɗan kasuwa alhali ciniki bai tsaya ba: zai kwafe littafin duka daga farko zuwa ƙarshe, yana sa alama a kan kowane shafi da aka sake taɓawa bayan ya wuce shi, sa'an nan ya komo ya sake kwafe shafukan masu alama kaɗai, waɗanda ba su kai na farko yawa ba, ya yi ta zagayowa haka har abin da ya rage ya zama shafi biyu ko uku, sai ya ce wa mai littafi ya ɗaga alƙalami na ɗan lokaci, ya ƙarasa, ya miƙa masa sabon littafin ya ci gaba da rubutu a ciki. Haka manhajar ke yi. Ram a rarrabe yake shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4. Sabon masauki yana buɗe baƙuwa marar kome ya ware mata ram, tsohon yana turo shafuka yana lura da waɗanda aka sake rubutawa, har a kai ga zagaye na ƙarshe, inda ake dakatar da baƙuwa, a tura ragowar shafuka tare da halin firosesa da na na'urori, a tashe ta a can, sa'an nan sabon masauki ya aika saƙo a waya domin na'urorin sadarwa su san lambar katin nan ta koma wata ƙofa.

Lissafi yana bayyana abin fiye da zance. Waya mai gudun gigabit ɗaya tana ɗaukar kimanin megabait 110 a daƙiƙa. Ram ɗin `Rajista` na gigabait 8 zai ci daƙiƙa 75 a zagayen farko. A ce tana ɓata megabait 20 a kowace daƙiƙa, to, a cikin wannan lokaci an sake taɓa megabait 1500, waɗanda turawarsu za ta ci daƙiƙa 14. A cikin waɗannan an ɓata 280, su kuma su ci daƙiƙa biyu da rabi. Sai 50, su ci ƙasa da rabin daƙiƙa. Sai ya rage kimanin 10, a nan ne za a dakatar da ita, dakatarwar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Haɗin TCP da ke tsakaninta da masu aiki yana jure shiru da ya fi wannan tsawo, shi ya sa ba ya yankewa, kuma wanda ke bin ta da `ping -t` galibi amsa ɗaya zai ga ta ɓace. Amma a sauya lamba ɗaya kawai, a ce wayar mai megabit 100 ce, wadda ke ɗaukar kimanin megabait 11 a daƙiƙa, sai lissafin ya juye, domin ana ɓata 20 ana tura 11, ragowar ba za ta taɓa raguwa ba, kuma ƙarshen abin ko dai dogon tsaiko da mutane za su ji a jikinsu, ko kuma ƙaurar ta gaza. Wannan ne ya sa ake ware wa ƙaura wayarta, ake kuma zaɓar lokacin da aiki ya lafa, ba ranar da ake shigar da sakamako ba. Hyper-V yana matse shafuka kafin ya tura su, wannan ne saitinsa na asali, yana kuma rage nauyi, amma ba ya mayar da waya mai rauni ta zama mai ƙarfi.

Sharuɗɗanta sun fi na fitarwa yawa nesa ba kusa ba. Dole masaukan biyu su kasance a kunne, lafiya, suna ganin juna a lokaci guda. Dole su zama Windows Server, domin Hyper-V na Windows 10 da 11 ba ya wannan aiki. In ba a cikin gungu suke ba, dole su kasance a yankin Active Directory ɗaya ko yankunan da suka amince da juna. Kuma ƙofar TCP 6600 ta zama a buɗe tsakaninsu. Sabon masauki ya kasance yana da ram gigabait 8 a sake tun kafin a fara, yana kuma kan sashen sadarwa ɗaya da tsohon, domin baƙuwa da adireshinta take tafiya. A masaukan biyu ake buga umarni biyu na farko, na uku kuwa a tsohon:

```
Enable-VMMigration
Add-VMMigrationNetwork 192.168.10.0/24
Move-VM -Name Rajista -DestinationHost MASAUKI2 `
     -IncludeStorage -DestinationStoragePath D:\VM\Rajista
```

Da `-IncludeStorage` faifan ma zai bi waya, gigabait 120 cikin kimanin minti 18, kuma a tsawon lokacin duk rubutun da baƙuwa ta yi ana zuba shi a faifan nan da na can a tare, sai an gama da faifai sa'an nan a shiga zagayen ram. In kuwa faifan yana kan ma'ajiyar da masaukan biyu ke tarayya a kai, ba a motsa shi ko kaɗan, aikin duka ya ƙare cikin minti biyu. Wurin da sabon shiga ya fi tuntuɓe shi ne tabbatar da shaida: saitin asali, CredSSP, yana bukatar mutum ya shiga tsohon masauki da kansa ya ba da umarni daga can, wanda kuwa ya bayar daga kwamfutar teburinsa za a ƙi shi, sai fa in an koma Kerberos an kuma rubuta wa kowane masauki wakilci ƙayyadajje a Active Directory, na `cifs` da na `Microsoft Virtual System Migration Service`.

Sharaɗin firosesa shi ne wanda ya fi bayyana asalin bambancin hanyoyin biyu. Tsarin aiki yana tambayar firosesa irin umarnin da ya iya a lokacin tashi, sa'an nan shi da manhajojinsa su ci gaba da aiki bisa wannan amsa. Baƙuwar da aka kashe aka fitar za ta sake yin tambayar in ta tashi a sabon wuri, don haka a mafi yawan hali tana iya barin Intel ta tashi a kan AMD. Wadda ake ƙaurarwa a raye kuwa ba ta sake tambaya, tana tsakiyar aiki da amsar da aka ba ta tun farko, in aka sauke ta a kan firosesar da ba ta san wani umarni ba sai ta faɗi, shi ya sa Hyper-V ke ƙin fara ƙaurar tun asali ya ce kayan masaukin can ba su dace ba. Tsakanin Intel da AMD babu hanya sam. Tsakanin tsohon Intel da sabo akwai, ita ce `Set-VMProcessor -VMName Rajista -CompatibilityForMigrationEnabled $true`, wanda ke ɓoye wa baƙuwa sababbin umarni, amma ba ya karɓuwa sai tana kashe, don haka ranar ƙirƙirarta ya kamata a yi tunaninsa. Wannan illa ita ce kuma ke kama wanda ya fitar da baƙuwa tana cikin halin `Saved`, domin hoton ram ne aka adana tare da ita. In ta ƙi tashi a sabon masauki sai a buga `Remove-VMSavedState`, a yi haƙuri da abin da ke ram, ta tashi daga faifai.

Idan waya ta yanke ko sabon masauki ya mutu ana tsakiyar ƙaura a raye, baƙuwa tana ci gaba da aikinta a tsohon, domin ba a sakin ta a nan sai an tabbatar ta kama a can. Iyakarta a share ragowar fayilolin da suka isa can a sake. In kuwa ta kammala, tsohon masauki yana share nasa, ba a bar kome a baya ba. Wannan ya kawar da haɗarin tagwaye da muka ambata, amma ya kawar da ihtiyaɗin ma, domin babu kwafin da za a koma gare shi, kuma duk wata ɓarna da ke cikin faifan ta bi ta zuwa sabon wuri. Haka nan ba ta ceton baƙuwar da masaukinta ya riga ya mutu, tun da shi ne mai turawa. A wannan hali sai dai a ciro fayiloli daga faifansa a shigar da su, abin da Hyper-V ke karɓa tun daga na 2012 ko da ba a yi fitarwa ba, matuƙar siffa da faifai sun tsira.

Ga `Rajista` dai, in makarantar tana iya rufe rajista yammacin Asabar, ko sabon masauki AMD ne tsohon Intel, ko suna gine-gine biyu da babu waya mai ƙarfi a tsakani, ni fitarwa da shigarwa zan zaɓa, in bar tsohuwar a kashe mako biyu. In kuwa masaukan biyu suna ɗaki ɗaya, a yanki ɗaya, kowanne da batirin da zai riƙe shi in wuta ta ɗauke, kuma abin da ake so shi ne a riƙa kwashe baƙi daga ɗaya duk wata don a sabunta shi a mayar da su, to, wahalar saita Kerberos da ware waya ta cancanci a sha ta sau ɗaya, da sharaɗin a ɗauki ajiyar bayanai ta daban kafin ƙaurar farko, a kuma fara gwadawa da baƙuwar da ba kowa ke dogara da ita ba.